Yadda ake fitar da ɗan hayar da ya daina biya, ta hanyar doka

Masu gida da yawa a wajen notis suke faɗuwa a kotu, gidan nasu ne, bashin ma gaskiya ne, amma lissafin kwanaki ya kayar da su. Zan yi magana kan dokar Abuja, jihohi kowa da tasa amma tsarin kusan ɗaya ne.

Fara ɗauko takardar yarjejeniya da risit. In kun rubuta tsawon notis a ciki, shi za a bi. In babu, doka ta yanka: mai biya mako-mako kwana 7, mai biyan wata wata 1, na wata uku wata 3, ɗan shekara kuma wata 6.

To ɗan shekaran nan ne matsala. A ce ya shiga 1 ga Janairu, shekararsa tana cika 31 ga Disamba, notis ɗin ya zama ya shiga hannunsa kafin Yuni ya fita, kuma ka rubuta 31 ga Disamba a matsayin ranar tashi. Mutum sai ya fusata a Agusta ya rubuta "ka tashi nan da Disamba", wata shida bai cika ba, lauyan ɗan haya kuma abin da zai fara ƙirgawa kenan, sai ka ga an kori ƙarar ka dawo farko shi kuma yana zaune kyauta. Wani lauyan zai ce tunda shekararsa ta ƙare bai sabunta ba notis na kwana bakwai ya isa, kotuna sun sha karɓar haka, amma ni in babu rubutacciyar yarjejeniya mai ranar ƙarewa, a ba shi cikakken notis kawai.

Ka miƙa masa notis ɗin hannu da hannu gaban shaida, ya sa hannu a kwafinka. In ta hannun lauya ko ejan takardar za ta bi, ka rubuta musu izini tukuna. Kuma kar ka karɓi kuɗin sabuwar shekara bayan nan, sai ya ce ai an sabunta haya.

Wa'adi ya cika bai tashi ba? Sai notis na biyu, na kwana 7, cewa za ka je kotu karɓar gidanka. Kar a haɗa su rana ɗaya don rage kuɗin lauya, kuma ranar da aka miƙa ba ta cikin lissafi.

Daga nan ka shigar da ƙara, ka nemi gidan, da bashin haya, da kuɗin zaman da ya yi bayan wa'adi. In an yi hukunci ma'aikatan kotu ne za su fitar da shi, ba kai ba. Cire kwano, sauya kwaɗo, yanke wuta ko kawo samarin unguwa, duk ƙara ce zai maka, ka biya diyya ga wanda kake bi bashi.