Yadda za ka nemi rasitin farko kafin banki ya tura kuɗin kaya waje

Da farko, ɗan kasuwar Sakkwato da zai shigo da kaya, misali injinan ban ruwa 40 daga Sin, ya rubuta wa mai kayan ya aiko da rasitin farko, wato takardar da ake kira Proforma Invoice. Da ita banki zai buɗe maka Form M, wato fom ɗin neman izinin shigo da kaya Nijeriya.

Ka nemi a sa sunan kamfaninka da adireshinsa daidai da rajistarka. Harafi ɗaya ya bambanta, banki zai mayar maka da ita.

Sai bayanin kaya. Kada a rubuta "injina" kawai: a faɗi samfuri, adadi, farashin kowane ɗaya da lambar HS Code, domin da ita kwastan ke ƙididdige haraji. A raba kuɗin kaya da na jirgi, a nuna irin kuɗin da tashar saukewa, kamar Apapa.

Ka roƙi a ba takardar wa'adin kwana 90, saboda neman dala yana jan lokaci.

Kafin ka kai banki, duba asusun da aka rubuta. In sunan ba na kamfanin mai kayan ba ne, dakata, ka kira su a tsohuwar lambar da ka sani, don 'yan damfara na sauya asusu ta imel.