Kurakuran da masu ƙaramar masana'anta ke yi wajen yanka farashi

Wallahi na gaji da ganin abu ɗaya yana ta maimaituwa. Mutum ya tara ɗan jarinsa ya sayi inji ya kama shago ya ɗauki yara biyu uku, kaya suna fita kullum, amma ƙarshen wata ya zo yana neman rancen kuɗin haya. In ka tambaye shi nawa yake rage maka a kan kowane guda ɗaya sai ya ce ai ana samu Alhamdulillah, in ka ce guda nawa za ka sayar kafin ka fita daga asara sai ya yi shiru. Waɗannan lambobi biyun su ne maganar gaba ɗaya, kuma ni sai da na sha wuya kafin na koye su.

Kuɗin da kake kashewa kala biyu ne. Akwai wanda yake bin kaya, in ka yi guda ɗaya ka kashe shi in ba ka yi ba yana aljihunka: kayan haɗi, leda da kwali, ladan mai aikin da ake biya a kan adadin abin da ya yi. Akwai kuma wanda ba ruwansa da ka yi aiki ko ba ka yi ba, kamar haya da albashin wata da biyan bashin inji. Ka cire na farkon daga farashin sayarwa, abin da ya rage ni rara nake ce masa, kuma dan Allah kar ka kira shi riba, don shi ne yake fara biyan kuɗin wata tukuna.

rarar guda ɗaya = farashi − kuɗin da ke bin guda ɗaya
adadin da ba riba ba asara = kuɗin wata ÷ rarar guda ɗaya

Kuskuren da ya fi ci min rai shi ne rage farashi don a ƙara ciniki ba tare da an zauna da biro ba. Sabulu nake yi a lokacin. Ina sayar da guda ɗaya a kan 500, kuɗin da ke binsa 350, rara 150 ke nan. Kuɗin wata 300,000, in ka raba da 150 ya ba ka 2,000, wato sai na sayar da guda 2,000 kafin in fara ganin ko sisi nawa. Ina sayar da kamar 2,600 a wata, guda 600 ɗin da ke sama su ne ribata, 90,000.

Sai wani ya shigo kasuwa da araha, hankalina ya tashi, na ce bari in sauke kashi 10 cikin ɗari kawai, daga 500 zuwa 450, a raina ai ɗan kaɗan ne. Abin da ban lura ba, kayan haɗi ba su san na rage farashi ba, suna nan a 350 ɗinsu, 50 ɗin nan gaba ɗaya daga cikin rarata ta fita. Rara ta dawo 100, kashi ɗaya cikin uku ya tafi, adadin da zan sayar in fita daga asara ya tashi daga 2,000 zuwa 3,000. Ciniki kuwa ya ƙaru, mun kai 3,100, yara suna aiki har dare, hannayensu duk sun yi fari saboda soda, ni kuma ina ta murna. Ranar da na buɗe littafi a ƙarshen wata na ga 10,000 ce ta rage, na sake lissafawa har sau uku ina zaton wani ne ya taɓa kuɗin. Babu wanda ya taɓa komai. Don in dawo da 90,000 ɗina a sabon farashin sai na sayar da 3,900, injin kuma ko za a kwana a kansa ba ya wuce 3,500. Tun ran da na sauke farashin babu hanyar da zan ci, lissafin minti biyar da ya nuna min.

Shi ya sa yanzu in wani ya zo min da maganar zai rage farashi, ba na sauraron labarin abokin hamayya, tambaya biyu nake masa: guda nawa za ka ƙara sayarwa kafin ka dawo inda kake, kuma injinka zai iya fitar da su? In bai da amsa to ya bar farashin nan yadda yake. Haba jama'a, kuna ganin layin masu saye kuna jin daɗi, aljihu kuma yana zubewa ta ƙasa.

Na biyun kishiyar wannan ne, shi ma na yi shi. Mutum ya ɗauki kuɗin wata ya raba a kan kayan da ya yi, ya ce wannan ne kuɗin da guda ɗaya ya ci. A nawa 300,000 a kan 2,600 ya kama wajen 115, a haɗa da 350 ya zama 465. Wani mai sari ya zo yana son guda 500 a kan 430, kuɗi hannu, na ce masa a'a asara ce. Alhali akwai sarari a injin, haya kuma ko na karɓi odar ko ban karɓa ba sai na biya. Rarar 80 a kowane guda, 40,000 ke nan na kora da bakina. Amma a kula, irin wannan odar ana karɓa ne in akwai sarari a inji, kuma in kwastomominka na kullum ba za su ji su ce su ma sai 430 ba, in suka ji ka koma kuskuren farko. Wannan raba kuɗin wata a kan kaya yana da wani sharrin ma: in ciniki ya sauka zuwa 1,500, lissafin zai ce maka guda ya ci 550, ka ƙara farashi a daidai lokacin da masu saye suke gudu.

Sauran ƙanana ne amma suna cizo. Albashinka kai mai wurin ka sa shi cikin kuɗin wata, in ba haka ba kana yi wa masana'antar aikin kyauta ne kana kiransa riba. Kamashon dillali da kuɗin kai kaya suna bin kaya, a cire su kafin a ce rara. Kayan da ke jibge a sito ba su biya haya ba, wanda aka sayar shi ake ƙirgawa, na bashi kuma ni ba na sa shi sai kuɗin ya shigo, na san akantoci ba haka suke yi ba amma haka na saba. In za ka ƙara ma'aikata na dare kuɗin wata ya canza, sake rabawa.

Sai lalacewa, wadda kusan kowa yake mantawa. In a cikin guda 100 biyar suna fashewa ko su ƙi daskarewa, kuɗin 100 ka kashe amma 95 za ka sayar, 350 ɗin nan ta koma wajen 368, rara ta sauko 132, adadin fita daga asara ya haura zuwa kusan 2,270. Ni kwali na ajiye a gefen teburin yanka, duk wanda ya lalace a jefa ciki, ƙarshen sati in ƙirga da kaina in rubuta, kuma duk ran da kuɗin kayan haɗi ya motsa a daren nake sake fitar da rarar kafin in ba kowa farashi da safe.