Kurakuran da ke sa hoto ya ƙi buɗewa inda sabis ba ƙarfi

A ɗauki shafin mai sayar da tufafi a Kasala, masu sayensa kuwa suna Gadarif da Mai Wurno, inda sabis kan zo ya ɗauke. Hoton da wayarsa ke ɗauka faɗinsa fiksel 4000 ne, tsayinsa 3000, nauyinsa wajen megabait 4. In layin mai saye na jawo kilobait 50 a daƙiƙa, hoto ɗaya zai ci daƙiƙa 80. Wa zai tsaya jira?

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a rubuta `width="400"` a shafi, a ga hoto ya ƙanƙance, a ɗauka an gama. A ido kawai ya ragu. Waya sai ta sauke megabait huɗun nan cif kafin ta nuna shi ƙarami. In kana son ganewa, buɗe `Network` a kayan aikin Chrome ka duba `Size`.

Wasu kuma sukan matse hoton ba tare da sun rage faɗinsa ba. Sai su sauke inganci zuwa 30, zanen atamfa ya dagule, gefen rubutu ya yi dabbare-dabbare, nauyi kuma bai tafi ba. Faɗi ake fara ragewa. Hoto mai 1000 da 750 kashi ɗaya ne cikin 16 na fiksel ɗin asali, kuma ya wadaci fuskar waya. Bayan nan a sa inganci tsakanin 70 da 80, galibi zai dawo kilobait 100 zuwa 200, wato daƙiƙa 2 zuwa 4 a wancan layin. Da ImageMagick ga yadda ake yi:

```
magick asali.jpg -auto-orient -resize "1000x1000>" -strip -quality 75 karami.jpg
```

Alamar `>` tana hana a kumbura hoton da dama ƙarami ne. Kada kuma a manta da `-auto-orient`. Waya takan ajiye hoto a kwance, ta rubuta a bayanan EXIF ta inda za a juya shi. In aka yi `-strip` ba tare da `-auto-orient` ba, an goge bayanin ke nan, sai ka ga riga a kishingiɗe. Gogewar tana da wani amfani: tana cire wurin da aka ɗauki hoton, wanda sau da yawa gidan mutum ne.

Hoton kaya kada a ajiye shi a PNG, wannan na tambari ne da zane. JPEG ko WebP ya fi.

Sai hoton da aka turo ta WhatsApp. An riga an matse shi, kuma JPEG duk matsar da aka ƙara masa sai ya ƙara lalacewa. A nemi na asali, a turo shi ta `Document`, a adana shi daban, a riƙa fitar da ƙananan daga gare shi.