Idan bidiyo na sassarƙewa a ƙaramin laftof, ku gwada furoksi

Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya na zauna haɗa bidiyon kamun amarya da na ɗauko a Ƙofar Soro da 4K, amma hoton sai tsalle yake yana barin sauti a baya. Kwamfutar ba ta lalace ba, warware bidiyon da aka matse da tsarin H.265 ne ya fi ƙarfinta.

Furoksi ƙaramin kwafi ne na bidiyon, mai sauƙin buɗewa. A manhajar haɗa bidiyo ta Premiere Pro ku zaɓi fayilolin, ku danna maɓallin dama na linzami, sai Proxy, sai Create Proxies, ku ɗauki tsarin bidiyo na ProRes ƙaramin girma. Zai ɗau lokaci, don haka ku bari sai an kawo wuta.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne mantawa da kunna maɓallin Toggle Proxies, wanda ke sa manhajar ta yi aiki da furoksin. In ba ku gan shi ba, sai ku sako shi daga alamar + da ke ƙarƙashin allon kallo. In ya koma shuɗi, ya kama.

Don Allah kada ku goge fayilolin asali ko ku cire hard disk ɗin da suke ciki, domin daga su ake fitar da aikin ƙarshe. Kaifin fuskar amarya ma ku kashe furoksin kafin ku duba shi.