Kurakuran da aka fi yi wajen karanta layukan tsayi a taswira

Wanda ya taɓa lura da kududdufi bayan ɗaukewar damina ya riga ya ga layukan tsayi da idonsa. Duk sanda ruwa ya ja baya yakan bar zobe a jikin laka, kuma ko'ina a kan zoben nan tsayinsa ɗaya. Haka layukan nan masu ruwan ƙasa-ƙasa suke a taswira, waɗanda a ajin labarin ƙasa ake ce wa kwantuwa: kowane layi yana bin wuraren da tsayinsu daga matakin teku yake daidai. A shekarun da na yi ina duba takardun ɗalibai, kurakurai kusan iri ɗaya nake tsinta, kuma yawancinsu daga gaggawa suke. Yaro ya ga siffar layi ya yanke hukunci bai karanta lambar da ke jikinsa ba.

Ɗauki ƙwarya biyu, ka kife ɗaya, ka bar ɗaya a buɗe, ka leƙa su daga sama. Dukkansu zobe ne cikin zobe. Shi ya sa ba kowane zagayayyen layi ne tudu ba. In lambobi suna ƙaruwa yayin da kake shiga tsakiya, tudu ne, in suna raguwa, rami ne. Masu zanen taswira sukan sa wa layin rami 'yan gajerun haƙora masu kallon ciki don a bambance. Wata rigimar kuma ita ce ba kowane layi ake rubuta wa lamba ba. Galibi kowane layi na biyar ake kaurarawa a sa masa lamba, sauran kai za ka lissafa da tazarar da aka rubuta a gindin taswira. In tazarar mita 20 ce, tsakanin layin 400 da na 500 akwai sirara huɗu: 420, 440, 460 da 480.

Lambar nan kuma ba tsayin dutsen ba ce daga gindinsa. Birnin Kano kansa ya haura mita 400 daga matakin teku, don haka lambar da ka gani a kan Dala ko Gwauron Dutse ta haɗa da wannan. In kana son sanin hawan da ƙafarka za ta yi, sai ka cire lambar gindi daga ta ƙoli.

Inda aka fi faɗuwa shi ne wajen kwari da hancin tudu, wato tudun da ya miƙo ya shigo fili kamar hanci. Dukansu biyu layukansu suna lanƙwashewa kamar harafin V, kuma ɗalibi yana ganin V sai ya ce rafi ne. A duba inda tsinin yake kallo. A kwari tsinin yana nuna wajen manyan lambobi, wato sama, inda ruwa ya fito. A hancin tudu yana nuna wajen ƙananan lambobi. Dalilin ba wuya: ruwa ya ci ƙasa a tsakiyar kwari ta yi ƙasa da gefunanta, saboda haka wanda yake tafe a kan layin 440, ba ya so ya sauka, dole ya kutsa cikin kwarin ya nufi sama har ya iske inda gadon rafin ya kai 440, sannan ya tsallaka ya dawo ta ɗaya gefen. Sawunsa ne ya zana V ɗin. Daga nan ake gane inda rafi ya dosa ko ba a sa kibiya ba: ruwa yana gudu ne ya bar tsinin a bayansa. Na sha ganin an zana rafi ya hau tudu, ko an ce tunda kudu ce a ƙasan takarda can ruwa zai nufa. Ai kogin Haɗeja gabas da arewa ya dosa, ruwa ba ruwansa da yadda ka riƙe takarda.

Sai batun tsananin gangare. Kowa ya haddace cewa layuka in sun matsu da juna wurin a tsaye yake, in sun ware shimfiɗe ne, kuma gaskiya ne. Dutse irin Kufena na Zariya zai fito kamar zobba a cunkushe a tsakiyar fili mai layuka jefi-jefi, inda kuma bangon dutse ya miƙe sak layukan sukan haɗe su zama kamar ɗaya. Amma da an ce a fitar da shi a lissafi sai a fara ɓarna.

Ga misali. Taswira mai ma'aunin 1:50,000, wato santimita 1 a takarda mita 500 ce a ƙasa, tazarar layuka mita 20. Rijiya tana kan layin 400, wata bishiya tana kan layin 520, rula ta ba ka santimita 3.6 tsakaninsu. Nisan ya zama 3.6 × 500, mita 1,800. Hawan kuwa 520 − 400, mita 120. Raba 1,800 da 120 ka sami 15, wato 1 cikin 15: kowace tafiyar mita 15 ka hau mita 1.

Kuskure na farko a nan ƙirga layuka maimakon giɓin da ke tsakaninsu. Daga 400 zuwa 520 layuka bakwai ne, amma giɓi shida. Wanda ya ninka bakwai da 20 zai sami 140, amsarsa ta karkace zuwa wajen 1 cikin 13. Na biyu ya fi muni, shi ne haɗa ƙafa da mita. Da yawa daga tsofaffin taswirorin Najeriya da ƙafa aka rubuta tsayinsu, kuma har yanzu suna yawo a makarantu. A ce hawan ƙafa 300 ne a wannan nisa na mita 1,800. Mai gaggawa zai raba kai tsaye ya ce 1 cikin 6, gangaren da babbar mota mai lodi za ta yi nishi a kansa. Alhali ƙafa 1 mita 0.3048 ce, ƙafa 300 kuwa wajen mita 91, amsar ta koma kusan 1 cikin 20. Kallo ɗaya ga gindin taswira kafin a ɗauki biro zai hana wannan. Haka nan kar a gwada matsuwar layukan taswirori biyu da ido sai an tabbatar ma'auninsu da tazararsu ɗaya ne.

Ko amsar 1 cikin 15 ɗin ma matsakaici ce kawai. Koma ka dubi yadda giɓi shidan suka zauna. In biyar daga cikinsu sun taru a santimitar ƙarshe kusa da bishiya, to mita 1,300 na farko mita 20 kacal ka hau, sannan mita 100 suna jiranka a cikin mita 500, wato 1 cikin 5. Mai shirin fitar da hanya ko jan bututun ruwa wannan ne ya dame shi. In kuma matsuwar a gindi take, sama ta ware, tudun ya yi ƙusumbi ke nan, kuma wanda yake ƙoli ba zai hangi gindin ba.

Farin wuri tsakanin layuka biyu ma ba ya nufin ƙasa ta kwanta lumui. Abin da bai kai tazarar ba yana iya ɓuya gaba ɗaya. Da tazarar mita 20, kwazazzabo mai zurfin mita 6 zai iya ratsa tsakanin layin 420 da na 440 taswira ba ta ce uffan ba, balle in zaizayar ƙasa ta haƙa shi bayan an buga taswirar. Don haka in aikin na gini ne ko na hanya, a duba shekarar da aka buga ta a gefen takarda, sannan a je a taka wurin da ƙafa.