Yadda ake rubuta sanarwar neman afuwa idan aikin kamfani ya tsaya

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce kamfanin aika kuɗi ne mai rassa huɗu a cikin garin Maradi. Saura kwana uku Babbar Salla, ƴan uwa na Yamai, Agadas da Arlit sun turo wa iyalansu kuɗin rago da na cefane, sai rassa biyu, na unguwar Zariya da na kusa da babbar kasuwa, suka kasa biyan kowa daga safiyar Laraba har yammacin Alhamis. Mutane sun yini a rana da lambar karɓa a hannu. Kafin la'asar, saƙon murya ya fara yawo a waya cewa kamfanin ya karye, mai shi ya tsallaka iyaka. Darakta ya kira ka ya ce a fitar da sanarwa yau. Ga yadda zan ba ka shawarar ka bi.

Mataki na farko: kada ka rubuta ko harafi ɗaya sai ka san abin da ya faru

Ka je reshen da ƙafarka, ko ka kira mai riƙe da akwatin kuɗi. Tambayoyi huɗu kake nema wa amsa: da ƙarfe nawa biya ya tsaya, waɗanne rassa ne abin ya shafa, mutum nawa ne ke jira, kuma mene ne ainihin dalili. Na ƙarshen nan shi ne mai wuya, don kowa a ofis zai ce maka "rezo ne". Rezo ya zama jakin da ake ɗora wa kowane kaya a garin nan. Ka matsa da tambaya. A misalinmu, in ka tona za ka tarar rezo ya ɗauke na awa biyu kawai ran Laraba da safe, sauran lokacin kuwa tsabar kuɗi ce ta ƙare a rassan, saboda ba a ɗebo isasshe daga banki ba duk da kowa ya san yadda aike ke ninkuwa a makon Salla.

Idan ka rubuta cewa rezo ne, ka sani ma'aikacin da ya ce wa wata tsohuwa "Iya, babu kuɗi a akwati" ya riga ya faɗi gaskiya a gaban mutum hamsin. Sanarwarka za ta iske su da labarinsu a hannu, daga nan kuma duk abin da ka ƙara faɗa, har da na gaskiya, ba mai saye.

Abin da ba ka tabbatar ba tukuna, ka ware shi gefe. Ana iya cewa "muna kan ƙidayar waɗanda abin ya shafa, za mu faɗi adadinsu gobe da azahar". Wannan ya fi a jefa adadin da za a dawo a gyara.

Mataki na biyu: ka fara da tambayar da ke ƙona zuciyar mai saurare

Sanarwoyinmu da yawa kan buɗe da doguwar gabatarwa: kamfani kaza, wanda ya daɗe yana yi wa al'umma hidima, yana farin cikin sanar da abokan hulɗarsa masu daraja. Matar da aka turo wa jika 80 na ragon layya abu ɗaya take son ji, shin kuɗinta na nan ko sun tafi. Saboda haka bayan sallama, jimlar farko ta amsa wannan: kuɗin kowa na nan, za a biya, daga lokaci kaza, a wuri kaza. Amma sai ka tabbata an riga an shigo da kuɗin, ko banki ya ba ku sa'a tsayayya, kafin ka furta lokaci.

Mataki na uku: ka faɗi laifin da bakin "mu"

Nan ne na fi son mu tsaya, don nan ne yawancin sanarwoyi ke faɗuwa, kuma harshenmu da kansa yana sauƙaƙa wa mai son zamewa. Hausa tana da "an". An samu matsala, an samu tsaiko, an yi jinkiri. Wa ya samu, wa ya yi? Babu kowa. Jimla ce da take kawar da mai laifi daga fili, kuma mai saurare yana jin hakan ko da bai iya faɗin abin da ya dame shi a maganar ba. Ka mayar da ita "mun": ba mu tanadi isassun kuɗi ba, mun bar ku kuna jira ba tare da bayani ba.

Sai kuma "ku yi haƙuri". Kalma ce mai kyau, amma ita muke faɗa wa wanda aka yi wa rasuwa ko wanda ruwan sama ya rushe wa katanga, wato inda mai faɗar ba shi da hannu a cikin abin. Idan ita kaɗai kamfani ya faɗa, ya zama ɗan jaje ke nan, ya kuma ɗora wa wanda aka cuta aikin haƙuri. Wanda ya yi laifi cewa yake "laifinmu ne, muna neman afuwarku", daga baya haƙurin ya biyo.

Haka ma batun ƙaddara. Dukkanmu mun yi imani babu abin da ke faruwa sai da ikon Allah, kuma ba laifi a ce "in sha Allah" a kan abin da za a yi gobe. Abin da nake ƙi shi ne a sa "haka Allah ya ƙaddara" a gurbin da ya kamata a ce "ba mu yi lissafi ba". Mutanen Maradi ƴan kasuwa ne, sun san bambancin asarar da ta faɗo wa mutum da wadda sakaci ya jawo.

To rezon fa? A faɗe shi, tunda ya faru, amma gwargwadon girmansa: awa biyu ne cikin kwana biyu. Ka fara da kasonku, na waje ya biyo baya. In ka juya jerin, zai fito kamar neman mafaka. Kada kuma a ambaci sunan wani ma'aikaci. Shugabanni ne ke yanke yawan kuɗin da za a ɗebo, jefa ƙaramin ma'aikaci a bakin jama'a zalunci ne, yana ma iya jawo masa duka a unguwa.

Mataki na huɗu: alkawarin da za a iya binciken cikarsa

"Hakan ba za ta sake faruwa ba" magana ce da babu mai ikon cika ta, ka bar ta. "Muna ɗaukar matakai" kuwa ba ta ce komai ba. Alkawarin kirki yana da rana, da wuri, da abin da mutum zai gani da idonsa: rassa za su buɗe har ƙarfe goma na dare, an ƙara wuraren biya daga biyu zuwa huɗu, an ware layin tsofaffi da mata masu goyo. In kamfani zai mayar da kuɗin aikawa, a faɗi wa zai karɓa da abin da zai zo da shi. In ba zai mayar ba, kada a yi wata magana mai kama da za a yi.

Akwai jimla ɗaya da ba a mantawa a harkar kuɗi. Duk ranar da irin wannan ta faru, ƴan damfara kan fara kiran mutane da sunan kamfani suna neman lambar karɓa wai za su gaggauta biya. Sanarwa ta rufe musu ƙofa.

Ga yadda za ta iya fita:

"Assalamu alaikum. Zuwa ga duk waɗanda suka zo karɓar kuɗi a rassanmu na Zariya da na babbar kasuwa ranar Laraba da Alhamis ba su samu ba: kuɗinku na nan, babu ko dala da ta ɓata. Za mu ci gaba da biya gobe Juma'a daga ƙarfe bakwai na safe zuwa goma na dare, ban da lokacin sallar Juma'a. Dalilin tsaikon shi ne ba mu tanadi tsabar kuɗin da za ta ishi makon Salla ba. Rezo ya ɗauke na awa biyu ran Laraba, amma babban laifin namu ne. Mun kuma bar ku a rana ba mu yi muku bayani ba. Mun san wasunku sun kashe kuɗin kabu-kabu sau biyu sau uku, wasu sun rasa ragon da suka taya. Muna neman afuwarku. Duk wanda ya aika kuɗi zuwa waɗannan rassa a kwanakin nan biyu, za mu mayar masa da kuɗin aikawa idan ya zo da takardar da aka ba shi. Ba za mu kira kowa a waya mu tambaye shi lambar karɓa ba, wanda ya kira ku da sunanmu kada ku ba shi. Ranar Litinin bayan Salla za mu sake fitowa mu faɗi inda aka kwana."

A ƙasa sai sunan darakta, da muƙaminsa, da kwanan wata, da lambar wayar da lalle akwai mai ɗauka.

Mataki na biyar: harshe da hanyar isarwa

Al'adar ofisoshinmu ita ce a rubuta da Faransanci, sannan a miƙa wa mai karanta sanarwa a rediyo ya juya nan take. A wannan juyin ne "laifinmu ne" ke komawa "saboda wasu dalilai da suka fi ƙarfinmu". Ka rubuta ta Hausar da hannunka tun farko, ka daidaita ta da ta Faransancin ta yadda lokaci, adadi da dalili ba su saɓa ba, don akwai masu jin duka biyun kuma za su kwatanta.

Tunda jita-jitar ta murya ta bi, amsar ma ta bi ta murya. Darakta ya karanta da bakinsa, cikin minti ɗaya da rabi ko ƙasa, ya faɗi sunansa da ranar a farko don kada a sake yaɗa ta baɗi kamar sabuwa. A kai wa gidajen rediyon gari a karanta da dare da kuma sassafe, a liƙa takarda a ƙofar kowane reshe. Kafin duk wannan, a karanta wa ma'aikatan da ke fuskantar jama'a, har da mai gadi, don shi ake fara tambaya. In mai gadi na cewa rezo, darakta na cewa ƙarancin kuɗi, an koma gidan jiya.

Idan akwai lauya, a ba shi ya duba alkawuran biya da adadin da aka ambata. Wani lokaci zai so ya goge "laifinmu ne". Ka tambaye shi ko maganar ƙarya ce. In gaskiya ce wadda ɗaruruwan mutane suka shaida, goge ta ba zai ɓoye komai ba.

Mataki na shida: ka saurari layi washegari

Ka tsaya kusa da masu jira ran Juma'a da safe. In tambayarsu ita ce "wane layi ne na mata?" ko "ina ake karɓar kuɗin aikawa?", sanarwar ta yi aiki. In har yanzu ana tambayar ko da gaske kamfani ya karye, to ko dai ba ta isa kunnensu ba, ko jimlar farko ba ta fito sarai ba, sai a sake karantawa a rediyo da rana. In kuma kuɗin da aka ɗebo ya nuna alamar ƙarewa kafin dare, a faɗa wa na bayan layi tun da sauran lokaci, a ba su lamba a takarda da sa'ar da za su dawo.

Ran Litinin ɗin da aka yi alkawari, a fito ko da gari ya manta. Gajeruwa ce: mutum nawa aka biya, nawa suka rage da yadda za su karɓa, da wanda aka ɗora wa alhakin lissafin tsabar kuɗi mako biyu kafin kowace Salla da kafin komawar yara makaranta a watan Oktoba.