Kurakuran da aka fi yi wajen canza launin jan farce a hoto

Duk lokacin bukukuwa a nan Garwa sai yaran da ke koyon gyaran hoto da Photoshop su turo mini hannun amarya su ce in duba, kuma ɓarnar iri ɗaya ce kullum. An ce musu jan farcen bai shiga da leshi ba, a mayar da shi ruwan hoda, su kuma sun ɗauki Brush sun shafe farcen da launi ɗaya tun daga gindi har baki. Farce abu ne mai lanƙwasa, yana da ƙyalli a inda fitila ta doke shi, yana da inuwa a gefe, ga kuma wani siririn layi mai duhu tsakaninsa da fatar gindinsa. Waɗannan ukun ne ke sa ido ya yarda farce ne. Launi kaɗai aka ce ka canza.

Kuskuren farko gajere ne. Kada ka buɗe Hue/Saturation ka ja Reds a kan hoton gaba ɗaya, kada kuma ka dogara da Color Range. Fatarmu da jan lalle da jan farce duk dangin ja ne a wurin Photoshop, in ka taɓa ɗaya sauran za su bi. Ni da Pen Tool nake zagaye kowane farce, hoton a buɗe 300%.

A wurin zagayen nan ne ake kashe fatar gindin farce, kuma shi ya fi ba ni haushi, domin na taɓa biyan kuɗinsa. A farkon aikina na bi layin ta waje don kada ja ya rage, sabon launi ya hau kan fatar, ya cinye inuwar nan. A allo ban ga komai ba. Da aka buga album gwaggon amarya ta juya shafin, ta dube ni ta ce, "Ɗana, wannan farce ne ko takarda ka liƙa mata?" Daga aljihuna aka sake bugawa. Saboda haka ka bi ta ciki, ka bar kamar piksel ɗaya tsakanin layinka da fata, layin mai duhu ya zauna yadda kyamara ta ɗauko shi. Feather kuma, wato laushin bakin zaɓin, ba lamba ɗaya ba ce ga dukkan yatsu. Wanda ya fito tar, 0.5 zuwa 1 ya ishe shi. Ɗan ƙaramin yatsa da ya koma baya ya yi dishi-dishi yana son 3 ko 4, in ba haka ba sai ka ga farce mai kaifin baki a kan yatsa mara kaifi. Idan ka gama, ka ɗora zaɓin a matsayin mask a kan Group guda, duk gyaran da zai biyo baya ya shiga cikinsa. Gyara gefe sau ɗaya ya fi gyara shi a wuri huɗu.

Yanzu babbar maganar. Wani ya gaya wa yaran nan cewa layer na Solid Color da aka sa yanayin haɗinsa a kan Color shi ne maganin komai, su kuma sun riƙe. Color yana canza launi ne ya bar hasken da ke ƙasa yadda yake. Daga ja zuwa shuɗi mai duhu zai yi maka aiki. Daga ja mai duhu zuwa ruwan hoda mai haske ba zai yi ba, ko ka kwana kana ja.

Ga misali. Ka ɗora Eyedropper a tsakiyar farcen, Info ya nuna R 150, G 25, B 35, wurin ƙyalli kuma wajen 245, 235, 235. Mai hoton tana son 230, 180, 185. Hasken jan nan bai wuce 64 cikin 255 ba, na hodar da ake nema ya kai 195. Ka sa Color kai tsaye, abin da zai fito wani launi ne mai duhu, mara rai. Sai yaro ya fusata ya koma Normal, launin ya fito, ƙyalli ya tafi.

Haske ake fara gyarawa, launi ya biyo baya. A cikin Group ɗin na kan sa Channel Mixer, in kunna Monochrome, Red 100, Green 0, Blue 0. Dalili kuwa, a jan farce tashar ja ce mai haske da tsabta, sauran biyun duhu ne da ƙura. Nan take farcen zai koma toka mai lamba 150, ƙyallin yana nan a 245. Sai Curves: ka kafa ɗigo a 245 don kada ya motsa, ka ɗaga 150 zuwa wajen 190, ka bar ƙasan layin kusa da inda yake saboda inuwar gefe. Bayan haka ne Solid Color ɗinka zai hau a kan Color, kuma zai ba ka abin da ka zaɓa. Wasu da Curves kaɗai suke ɗaga jan tun daga 64. Yana yiwuwa, amma a hoton dare, irin na wurin kamu da aka ɗauka da ISO mai yawa, ɗigo-ɗigo za su taso maka.

Za ka lura ƙyallin ya rage ƙarfi. Daidai ne, farce mai haske ba ya walƙiya kamar mai duhu. Abin da ba daidai ba shi ne ƙyallin ya rine. Hasken fitila ne ya dawo daga saman farce, launin fitilar yake ɗauka, ba na fentin ba, sai fa in fentin mai ruwan gwal ne ko azurfa. Danna layer ɗin launi sau biyu, a Blend If ka je Underlying Layer, ka riƙe Alt ka raba farin maɓallin gida biyu, ɗaya a 215 ɗaya a 240. Dole lambar farko ta wuce ta jikin farcen, wato 190 ɗin nan, in ba haka ba launin zai fara zubewa daga tsakiya. Wanda bai raba maɓallin ba kuma zai ga ƙyalli mai tsagaggen baki.

In baƙi aka ce, ko ruwan kwafi mai duhu, matsalar ta juya. Multiply, wanda masu Photoshop na Faransanci ke gani a matsayin Produit, yana danne ƙyalli tare da komai. Kafin ka fara, ka shiga Channels ka kwafi Green. A jan farce tashar nan baƙa ce in ban da wurin ƙyalli, kusan an riga an yi maka aikin. Ka matse ta da Levels, ka riƙe Ctrl ka danna ta, ka zuba fari a sabon layer a saman Group ɗin, a cikinsa. Jikin farcen kuma ka tsayar da shi tsakanin 20 da 30. In ka kai shi sifili lanƙwasar ta mutu.

Sauran ƙanana ne. Bayan launi ya canza, za ka ga ragowar ja a layin da ka bari da kuma fatar da ke kewaye. Sabon layer a wajen Group, a kan Color, ka ɗebo launin fatar kusa, ka bi da ƙaramin Brush a 30%. Duhun zai zauna, jan ya tafi. In yatsun na da lalle, daga lallen za ka ɗebo, ba daga bayan hannu ba. Ka kuma duba zobe da allon waya da kofin shayi, tsohon launin na iya ɓuya a cikinsu.

Hoton da aka turo ta WhatsApp kai tsaye kuwa ba na karɓa. An riga an matse shi, ja ya malala ya wuce bakin farce, fatar gindin ta zama murabba'ai. Ka ce su sake turowa a matsayin Document, ko su kawo katin kyamarar shago.